Babi na Bakwai: Kuɗin da Aka Karya da Kuɗin da Ya Faɗi

A watan Janairun 1994 maƙwabta biyu suka ɗauki hanya biyu, kowa da tasa. A Dakar, daren 11 ga wata, bayan kwana biyu shugabannin ƙasashen da ke amfani da sefa suna kulle a ɗaki, aka fito aka karanta sanarwa: daga ranar 12, faran ɗaya na Faransa, wanda ake saye sefa 50, ya koma sefa 100. A cikin watan ne kuma gwamnatin Janar Sani Abacha ta gabatar da kasafin kuɗinta, ta ce dalar Amurka naira 22 ce, ba ragi ba ƙari, ta kuma hana 'yan canji sayar da ita. Ke nan Nijar ta amince a karya kuɗinta, Najeriya ta ce ba mai taɓa nata. Kafin shekarar ta ƙare kuɗin biyu duk sun yi ƙasa. Bambancin shi ne, na Nijar akwai ranar da aka yi shi, akwai waɗanda suka sa hannu. Na Najeriya kuwa babu takardar da za ka nuna.

A hira duk abu ɗaya muke ce musu: kuɗi ya lalace. Rediyo ma yakan haɗa su, yau ka ji an karya darajar naira, gobe ka ji darajar naira ta faɗi, a kan labari guda. Amma masana tattalin arziki sun raba su, kuma a nan babin zan bi rabon nasu. Karya darajar kuɗi hukunci ne na hukuma. Faɗuwar darajar kuɗi sakamakon ciniki ne a kasuwa.

Ba a karya kuɗi sai inda akwai alkawari. Alkawarin shi ne hukuma ta tsayar da farashi ta ce: duk wanda ya kawo mini kuɗina kaza zan ba shi kuɗin waje kaza. Ranar da ta fito ta sauya wannan adadi ta yi ƙasa da shi, ta karya kuɗinta. Inda babu irin wannan alkawari, inda aka bar masu saye da masu sayarwa su daidaita tsakaninsu, kuɗi yana iya yin ƙasa kullum har shekara, amma ba za a ce an karya shi ba, don babu farashin da wani ya ɗaure balle ya kwance. Shi ya sa Birtaniya ta karya fam a watan Nuwambar 1967, daga dala 2.80 zuwa 2.40, har Firaminista Harold Wilson ya fito ya yi wa ƙasa bayani, amma yau ko fam ya zube ba gwamnatin da za ta yi sanarwa. Tun farkon shekarun 1970 manyan kuɗaɗen duniya suka bar ɗaurarren farashi da dala. Tashi suke yi suna sauka kawai.

Sefa dai alkawarinta ƙaƙƙarfa ne, kuma daɗaɗɗe. Tun 1948 har zuwa 1994 ba a taɓa matsayinta da faran ba. Baitulmalin Faransa ne ya tsaya mata: a lokacin ƙasashen suna ajiye wani kaso na kuɗin wajensu a can, ita kuma Faransa ta lamunce cewa duk sefar da aka kawo za a canza ta. Wannan ne ya sa a yankinmu sefa ta zama kuɗin ajiya. Ɗan kasuwar Kano da ke son faran ko dala, a wancan zamanin sau da yawa hanyarsa mafi sauƙi ita ce ya sayi takardun sefa a Maraɗi ko Ƙonni, a kai su Turai a canza.

Matsalar ta taru ne a hankali daga tsakiyar shekarun 1980. Faransa ta manne kuɗinta da na Jamus, faran ya yi ƙarfi, dala ta sauka bayan 1985, sefa kuwa dole ta bi faran duk inda ya nufa. A daidai lokacin farashin koko da kofi da auduga ya faɗi, yuraniyom na Arlit ma kasuwarsa ta mutu. Sai ga Najeriya a 1986, zamanin Janar Babangida, ta saki naira ta yi ta sauka. Kayan Najeriya suka koma kamar kyauta ga mai riƙe da sefa. Atamfa, sabulu, takalman roba, man fetur, duk suka malalo ta Jibiya da Illela da Maigatari, 'yan masana'antun Nijar suka kasa numfashi. Gwamnatoci suka shiga bin ma'aikata bashin albashi na watanni. A takarda sefa tana nan daram a kan 50, amma ƙasashen sun yi wa kansu tsada: abin da suke nomawa da ƙerawa ba ya iya gogayya da na kowa.

To wa ya yanke hukuncin? A ƙa'ida shugabannin ƙasashen ne, su goma sha uku masu sefa, da Komoros mai nata faran, wadda aka rage wa kashi ɗaya bisa uku kawai. Su ne suka zauna, ministan kuɗin Kamaru Antoine Ntsimi ya karanta sanarwar. Nijar lokacin tana hannun Shugaba Mahamane Ousmane, bai cika shekara a kan mulki ba. Amma a wurin taron akwai Michel Camdessus, shugaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya, da Michel Roussin, ministan Faransa mai kula da hulɗa da ƙasashen. Kuma tun watan Satumbar 1993 gwamnatin Firaminista Edouard Balladur ta shaida wa ƙasashen cewa ba za ta ƙara cike musu giɓin kasafi ba sai sun daidaita da Asusun, shi kuma Asusun sharaɗinsa a karya sefa. Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa, wanda ya fi kowa ƙarfin cewa a'a, ya rasu ranar 7 ga Disamba. Mako biyar bayan rasuwarsa aka gama magana. Har taron ma an kira shi ne da sunan za a tattauna matsalar kamfanin jiragen sama na Air Afrique.

Wannan ɓoye-ɓoye yana cikin ɗabi'ar karya kuɗi, ko a ina ne. Hukumar da za ta karya kuɗi ranar Laraba dole ta musanta ranar Talata, domin in ta faɗa, duk mai hankali zai ruga ya canza kuɗinsa a tsohon farashi, ajiyar ta ƙare kafin gari ya waye. Masu kuɗi ma ba su jira an faɗa musu ba. Takardun sefa sun yi ta fita da akwati-akwati, har a watan Agustan 1993 manyan bankunan biyu na yankin suka daina karɓar takardun da aka fitar waje. Wanda ya iya karatun alamu, tun ranar ya san inda aka dosa. Saboda haka idan ka ji gwamnan babban banki yana yawan rantsuwa cewa ba za a karya kuɗi ba, rantsuwar ba ta gaya maka komai, tunda mai niyya da marar niyya duk abin da za su faɗa ke nan.

Akwai wani lissafi da ke rikita mutane, gara mu warware shi tun yanzu. An ce an karya sefa da kashi 50 cikin ɗari, amma kayan waje ninkawa suka yi, wato sun ƙaru da kashi 100. Duka biyun gaskiya ne, ya danganta daga gefen da ka tsaya. Jika guda, wato sefa 1,000, da tana sayen faran 20, ta koma sayen faran 10: ta rasa rabi. Faran ɗaya da yake 50 ya koma 100: ya ninka. Don haka idan ka karanta cewa wani kuɗi ya faɗi da kashi 200 cikin ɗari, marubucin ya juya lissafin ne. Kuɗi ba ya rasa fiye da dukkan darajarsa. Kuɗin waje ne ya ninka sau uku, na gida kuma ya rasa kashi biyu bisa uku.

Bari mu sa abin a jikin mutane. A ɗauka wani alhaji a Maraɗi ya yi odar kaya daga Faransa a watan Disambar 1993, na faran 200,000, bisa sharaɗin zai biya bayan wata uku. Ranar da ya sa hannu bashinsa sefa miliyan 10 ne. Da safiyar 12 ga Janairu ya tashi ana bin sa miliyan 20, bai ƙara ko kwali ɗaya ba. In kayan suna nan a sito, da sauƙi, zai ɗaga farashi ya rage asara. In kuwa ya riga ya sayar a tsohon farashi, ya karɓi miliyan 12 yana murnar ribar miliyan 2, to yanzu giɓin miliyan 8 ne a gabansa. Maƙwabcinsa da ya biya nasa kayan lakadan tun Nuwamba, yana zaune a kansu bai sayar ba, ya wayi gari dukiyarsa ta kusa ninkawa. Sana'a ɗaya, layi ɗaya a kasuwa, dare ɗaya ya raba su, kuma abin da ya raba su shi ne da wane kuɗi aka rubuta bashin kowannensu.

Manomin albasa a Galmi nasa lissafin daban ne. Yana kai albasa Abijan, can ma sefa ake ci, don haka canji bai shafe shi kai tsaye ba. Amma albasar Holan da ke gogayya da tasa a kasuwar ta ninka kuɗi, sai masu saye suka juyo kansa. Haka dabbobin Sahel suka sake samun shiga kasuwannin bakin teku, inda daskararren naman Turai ya kore su a da. Wannan ita ce ribar da ake nema da karya kuɗi: kayan gida su yi araha a idon na waje, kayan waje su yi tsada a idon na gida. Wanda ya biya kuɗin wannan riba shi ne ma'aikaci mai albashi a Yamai, da mai jinya, domin magani kusan duk daga waje yake zuwa. Farashin kaya a yankin ya tashi da kimanin kashi ɗaya bisa uku a shekarar, albashi kuwa ɗan abin da aka ƙara bai kai haka ba. Da an ninka albashi, da komai ya ninka, da an koma gidan jiya. Maganar da ba a cika faɗa a fili ba ke nan: karya kuɗi yana aiki ne kawai in an bar mai albashi ya ɗan talauce.

Yanzu mu tsallaka iyaka. Najeriya ta ce dala naira 22, alhali a Wapa da sauran wuraren 'yan canji tana tsakanin 45 da 50. Faɗar farashi abu ne mai sauƙi. Tsare shi kuwa sai da dala a hannu, domin alkawarin yana nufin duk wanda ya zo da naira 22 a ba shi dala ɗaya. Babban Bankin Najeriya ba shi da dalar da za ta ishi kowa a wannan araha, sai aka koma rabo: kwamiti ya zauna, kamfani ya nemi miliyan a ba shi ɗan abin da ya samu. Duk wanda ya taɓa ganin gidan mai lokacin wahalar fetur ya san yanayin. Farashin gwamnati yana rubuce a jikin famfo, famfon a bushe, 'yan bumburutu kuma suna bakin titi da jarkoki suna sayarwa yadda suka ga dama. Wanda bai samu a banki ba ya nufi kasuwar bayan fage, buƙata ta taru a can, ga gwamnati tana cike giɓin kasafinta da bashin babban banki, naira tana ƙara yawa a hannun jama'a. Kafin ƙarshen 1994 dala ta haura naira 80 a bayan fage, hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin ɗari.

Ba wanda ya karya naira a shekarar. A littafin gwamnati 22 take, kuma a haka ta zauna har Janairun 1999, lokacin Janar Abdulsalami Abubakar, ko da yake tun 1995 an buɗe wata kasuwa ta biyu inda 'yan kasuwa ke saye a wajen naira 80. Faɗuwa ta yi. Wa ya yanke? Mai shigo da kayan gyaran mota da ya ce ko nawa ne a ba shi, don kayansa na tashar jirgin ruwa kuɗin ajiya na hawa. Mai 'ya'ya a makarantar waje. Attajirin da ya ga naira na narkewa ya mayar da ajiyarsa dala. Mai fitar da fata da ƙiraga da ya ƙi kawo dalarsa banki a ba shi 22, ya bi da ita ta bayan gida. Babu ɗayansu da ya yi niyyar kassara naira, kowa tsira yake nema, amma jimillar cinikinsu ita ce farashin.

Abin sha'awa shi ne yadda abubuwan biyu suka haɗu a bakin iyaka. Lissafin na kusa-kusa ne, amma yana nuna hanya. Farkon Janairu dala tana wajen sefa 300, tana kuma wajen naira 48 a hannun 'yan canji, ke nan jika guda tana kawo naira 160. Bayan sanarwar Dakar dala ta koma wajen sefa 600, jika ta dawo naira 80. Nan take kayan Najeriya suka ninka wa mutumin Damagaram tsada, saniyar Nijar kuma ta yi wa mahaucin Kano araha. Amma zuwa ƙarshen shekara dala tana wajen sefa 540, a bayan fagen Najeriya kuma ta kai 85, sai jika ta sake komawa kusan naira 160. Abin da shugabanni goma sha huɗu suka yi a dare ɗaya, kasuwar canji ta Najeriya ta warware shi cikin wata goma sha biyu, a wannan iyakar dai. Ta fuskar Faransa da sauran duniya karyawar ta zauna. Ta fuskar babbar abokiyar cinikin Nijar kuwa ba ta daɗe ba.

Daga nan ne nake ganin ya kamata a yi hattara da rabon nan na hukuma da kasuwa, don gwamnatoci suna fakewa da shi. Idan kuɗi ya faɗi sai su ɗaga hannu su ce ba mu ba ne, kasuwa ce, ko 'yan canji ne, a aika jami'an tsaro su kama wasu a unguwar 'yan canji ta Abuja. Gaskiya ne ba su suka furta farashin ba. Amma yawan nairar da ke yawo, da kuɗin ruwan da ake biyan mai ajiya, da yawan ɗanyen man da ake haƙowa a sayar, da ko mai zuba jari zai iya fitar da kuɗinsa in ya tashi, duk a hannun hukuma suke. Kasuwa tana auna waɗannan ne ta fitar da lamba. Ɗan canji da ke zaune a benci da wayoyi biyu da na'urar lissafi, ribarsa 'yar tazarar da ke tsakanin saye da sayarwa ce, ko dala na tashi ko tana sauka. A ɗaya gefen kuma, hukumar da ta karya kuɗi ba kasafai take yi don ra'ayin kanta ba. Yawanci takan yi ne bayan ajiyar kuɗin waje ta zube, bayan tazara tsakanin farashinta da na titi ta yi faɗin da ba ya ɓoyuwa. A irin wannan hali sanarwar amsa laifi ce: kuɗin ya daɗe da faɗuwa, yau ne aka rubuta.

A Najeriya doka ta ba Babban Banki ikon tsara yadda za a fitar da farashin naira, haka dokarsa ta 2007 ta tanada. A aikace kowa ya san sai fadar shugaban ƙasa ta gyaɗa kai. Ranar 25 ga Nuwambar 2014, da farashin mai ya rushe, Gwamna Godwin Emefiele ya fito bayan taron kwamitin bankin ya ce an matsar da farashi daga naira 155 zuwa 168. Wannan karyawa ce tsantsa, da rana da mai sanarwa. Daga 2015 kuma aka tsaya a wajen 197 fiye da shekara, saboda Shugaba Muhammadu Buhari ya fito fili ya ce bai yarda a karya naira ba, har aka hana masu shigo da kaya iri 41 samun dala a banki. Bayan fage ta wuce 300, ta doshi 370. A watan Yunin 2016 aka saki, rana ɗaya farashin banki ya koma wajen 280.

Wannan sakin shi ne wurin da kalmomin biyu suke cakuɗewa, kuma an maimaita shi ranar 14 ga Yunin 2023, makonni biyu bayan hawan Shugaba Bola Tinubu, kwanaki kaɗan bayan dakatar da Emefiele. Babban Banki bai ce daga yau dala naira kaza ce ba. Cewa ya yi an rushe tagogin canji daban-daban, mai saye da mai sayarwa su shirya. Farashin hukuma da ke wajen 460 ya tashi, cikin 'yan kwanaki ya kama na bayan fage a wajen 750. Jami'ai suka ce ba karyawa ba ce, kasuwa ce ta yi magana. A ganina tsallen farko karyawa ne ko da wane suna aka kira shi, domin akwai farashin da hukuma ke riƙe da shi jiya, ta sake shi yau, kuma ta san inda zai faɗa. A lissafin da muka yi a baya, naira ta rasa kusan kashi 39 cikin ɗari, dala ta ƙaru da kashi 63. Abin da ya biyo baya, daga 750 zuwa sama da 1,000 a bayan fage kafin ƙarshen shekara, wannan faɗuwa ce.

Raba su yana da amfani domin ba mutum ɗaya suke bugu ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da bai taɓa samun dala a 460 ba, tun da can a 750 yake saye ya biya masu kaya a Chaina, sanarwar 14 ga Yuni ba ta sauya masa lissafin dala ba. Ta taɓa shi ta wata hanya: kwastan na lissafa haraji da farashin hukuma, sai kuɗin fito ya hau. Waɗanda tsallen ya buga kai tsaye su ne masu cin moriyar tsohon farashi, da kamfanonin da ke da bashin dala a littafinsu, da maniyyata. Kujerar aikin Hajji da aka biya ƙasa kaɗan da naira miliyan 3 a 2023 ta koma kusan miliyan 5 a sanarwar farko ta 2024, daga baya aka nemi cikon kusan miliyan 2. Gwamnati kuwa ta samu: kowace dalar mai da ta shigo tana zama naira mai yawa, kason da ake raba wa jihohi duk wata ya kumbura. Shi ya sa karya kuɗi yakan zo wa baitulmalin ƙasa mai sayar da mai da daɗi. Faɗuwar da ta biyo baya ita ce ta iso shagon Kantin Kwari, ta iso kan mudun shinkafa.

Wanda ke son gane wanne ne ya faru, ya fara da tambayar ko akwai farashin da hukuma ta ɗaure, sannan da wane kuɗi ta ɗaure shi. Sai ya dubi siffar motsin. Karyawa tana zuwa ne kamar matakala: layi a miƙe wata da watanni, tsalle ɗaya, sai kuma a miƙe. Faɗuwa gangara ce mai ɗan hawa da sauka, yau ta rage biyar gobe ta ƙara goma. Kada kuma a haɗa su da abin da Ghana ta yi a 2007, da ta cire sifiri huɗu, sidi 10,000 ya zama sidi ɗaya. Wancan sauya ma'auni ne, farashi da albashi da bashi duk an raba su da lamba ɗaya, ba wanda ya yi asara.

Tambayar da wane kuɗi aka ɗaure tana da muhimmanci, kuma sefa ce ta fi nuna haka. Tun 1994 ba a sake karya ta ba. Da Yuro ya maye gurbin faran a 1999 aka mayar da lissafin kansa, Yuro ɗaya sefa 655.957, kuma har yau haka yake. Amma mai sayen kaya da dala a Yamai ya san sefa na motsi. A farkon 2021 dala tana wajen sefa 540. A watan Satumbar 2022 ta kai wajen 680, domin babban bankin Amurka ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa, yaƙin Yukiren ya tsauwala wa Turai tsadar makamashi, Yuro ya faɗi har ƙasa da dala ɗaya. Sefa ta bi shi. Ba a yi taro a Dakar ba, ba a tambayi Yamai ba, ba wani shugaban Afirka da ya sa hannu. Kuɗi ɗaya, a lokaci ɗaya, yana tsaye cak ta fuskar Yuro, yana faɗuwa ta fuskar dala, yana kuma tashi ta fuskar naira a kasuwar Jibiya.

Maganinsu ma ya bambanta. Hukumar da ta ɗaure farashi tana iya zaɓen ranar da za ta karya da girman karyawar, sai dai in ta yi kaɗan kasuwa za ta jira ta biyu, gudun kuɗi ya ci gaba. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka raba sefa biyu a bugu ɗaya. Hukumar da ta saki kuɗinta kuwa ba ta da lambar da za ta furta, sai dai ta yi ciniki kamar kowa ko ta sauya yanayin cinikin. Bayan farashin hukuma ya sake tsalle a ƙarshen Janairun 2024, daga wajen 900 zuwa sama da 1,400, bayan fage kuma ta doshi 1,900 a Fabrairu, Gwamna Olayemi Cardoso bai sanar da sabon farashi ba. Kuɗin ruwa ya ɗaga, daga kashi 18.75 zuwa 22.75 a Fabrairu, zuwa 24.75 a Maris, ya biya wani ɓangare na bashin dalar da ake bin bankin, ya koma sayar wa 'yan canji masu lasisi dala. Masu zuba jari na waje suka shigo neman ruwan, a watan Afrilu dala ta sauko wajen naira 1,100. Waɗanda suka saya a 1,800 suka ɓoye sun ji jiki. Kafin ƙarshen Mayu ta koma kusan 1,500.